Na'ura ta nuna 11.4, takarda ta ce a ba da suga: mene ne na yi ba daidai ba?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka min, hankalina bai kwanta ba. Mahaifiyarmu tana da hawan jini da ciwon suga, shekararta 67. Ƙanina ya aiko mata da na'urori biyu daga waje, ɗaya ta awon jini, ɗaya ta awon suga. Littafin da ya zo da su da rubutun Sin ne da wani Turanci mai wuyar ganewa, sai wani yaro a unguwarmu ya ba ni takarda shafi biyu da aka fassara da Hausa, wai ita ake ba masu sayen irin waɗannan. Takardar ta ce: "Sukari mai kyau 70 zuwa 130. Idan ƙasa da 70, ba da abin zaƙi nan take." Yau da hantsi na auna Hajiya, na'urar ta nuna 11.4. Na ga ko kusa da 70 bai kai ba, jikina na rawa na aika aka sayo lemon kwalba ta shanye. Bayan kamar minti arba'in na sake aunawa, 15.9. Har yanzu bai kai 70 ba. In ƙara mata wani? Ta awon jinin kuma ta nuna SYS 21.3, DIA 12.8, PUL 88, alhali a asibiti ɗari da wani abu suke faɗa mana.

Sista Hadiza: Wa alaikumus salam. Maman Ummi, kada ki ƙara mata komai mai zaƙi. Ba ƙasa sugan ya yi ba, sama yake. Ki ba ta ruwa zalla. Ki duba fuskar na'urar, kusa da lambar ko a ƙasanta akwai wasu ƙananan haruffa, ki rubuto min su yadda suke. Sannan ki faɗa min, Hajiya tana cikin hayyacinta? Tana amai? Tana magana daidai?

Maman Ummi: Innalillahi. An rubuta mmol/L. Lafiyarta lau, tana zaune tana jan carbi, sai dai ta ce ƙishirwa take ji. Ba amai.

Issoufou Maradi: Hajiya, ku bar maganar suga tukun, jinin nan shi ne abin tsoro. Mu nan Maradi in an auna mutum a likita sai a ce tansiyon ɗinka 12/8 ko 14/9, wato sifili ake cirewa. To 21/12 kenan 210/120 ne. Babana da ya kai 20 sai da aka kwantar da shi. Ku ɗauke ta yanzu, kada ku jira.

Sista Hadiza: Malam Issoufou, yadda ka faɗa ɗin haka ake yi a Nijar, 14/9 ɗinku shi ne 140/90 namu. Amma ina zaton ba shi ne nan ba. Maman Ummi, ita ma ta awon jinin ki duba gefen lambobin. An rubuta mmHg ko kPa?

Maman Ummi: kPa ne, Sista.

Sista Hadiza: To alhamdu lillahi, abin da na zata ne. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ki karanta a natse.

Na suga tukun. Ma'auni biyu ake amfani da su, kamar yadda za a auna yadi da kamu ko da mita, yadin bai canza ba, lambar ce ta bambanta. Ɗaya mg/dL, ɗaya mmol/L. Takardar da aka ba ki da mg/dL take magana, na'urarki kuma da mmol/L take ba da amsa, mai fassarar ya kwashe lambobin ya bar ma'aunin a baya. Hanyar komawa daga naki zuwa na takardar ita ce ki ninka da 18. Ɗauki kalkuletar wayarki: 11.4 sau 18 ya ba da 205. Bayan lemon kuma 15.9 sau 18, 286. Kin ga sugan dama yana sama, lemon ya ƙara tura shi. Wancan 70 da takardar ta ce a ba da zaƙi in an yi ƙasa da shi, a na'urarki 3.9 ne. Ki rubuta 3.9 ɗin nan a ɗan tef ki manna a bayan na'urar. Alamar da za ki riƙa ganewa ko ba ki duba haruffan ba: mmol/L kullum da ɗigo yake zuwa, 5.6, 11.4, shi kuwa mg/dL cikakkiyar lamba ce babu ɗigo, 101, 205.

Na jini kuma, kPa da 7.5 ake ninkawa. 21.3 sau 7.5 kusan 160 kenan, 12.8 sau 7.5 ya ba da 96. Wato 160/96. Ya hau, amma ba 210/120 ba ne, kuma tunda ba ta da ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ba na gudu asibiti cikin minti biyar ba ne. SYS shi ne na sama, ƙarfin da jini ke bugun jijiya lokacin da zuciya ta matse. DIA na ƙasa, lokacin da ta saki. PUL ba awon jini ba ne, yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya, 88 kuma babu laifi ga wadda aka tayar wa hankali.

Yanzu ta sha ruwa sosai, ta sha magungunanta yadda likita ya rubuta, kada ki ƙara ko ki rage. Ki sake auna sugan bayan awa biyu. In ya ci gaba da hawa ya wuce 16.7, ko ta fara amai, ko barci mai nauyi, ko numfashi da sauri, ku tafi asibiti a yau.

Issoufou Maradi: To na gane, Allah ya huci zuciyarku, na tsorata ku. Ban taɓa jin wannan kPa ba. Amma ku sani mu ma muna da namu ruɗanin: takardar gwajin asibiti a nan g/L take rubutawa, sai ka ga 1,26. Wani ɗan'uwana da ya je jinya Katsina ya nuna takardarsa, sai da aka yi ta kai-kawo kafin a gane 126 ake nufi.

Maman Ummi: Wallahi da ban tambaya ba da na ƙara mata kwalba ta biyu. Har na ba yaro kuɗin. Allah ya saka da alheri, Sista. Ni abin da ya fi ci min rai, da hannuna na ba ta.

Hajiya Rabi Kumasi: 'Yar'uwa kada ki zargi kanki, takarda kika bi. Mu a Gana mmol/L asibitoci suke faɗa, don haka 11.4 da na gani nan take na san ya hau. Ni tawa matsalar akasin taki ce. An kawo wa maigidana na'ura daga Amurka ta nuna 118, na ɗora hannu a ka, ashe 6.6 ne in an raba da 18. Amma abin da nake so ki kiyaye shi ne wasu haruffa biyu. Wata rana maƙwabciyata ta auna, na'ura ba ta ba da lamba ba sai HI. 'Yarta da ta yi boko ta ce gaisuwa ce na'urar take yi in an kunna ta, kamar yadda waya take yi. Suka ajiye. Da daddare a sume aka kai ta asibiti, ta yi kwana shida. Allah ya tashi kafaɗunta, amma da ƙyar.

Sista Hadiza: Na gode da kika kawo wannan, Hajiya Rabi. HI na nufin sugan ya wuce abin da na'urar take iya aunawa, a yawancinsu sama da 600 mg/dL, wato 33.3 mmol/L. LO kuma ya yi ƙasan da ba ta iya kamawa, ƙasa da 20 ko 10 mg/dL gwargwadon na'urar. In HI ne, a wanke hannu a sake da sabon tsinken gwaji, wanda ake ɗiga jinin a kai, sau ɗaya, in ya sake fitowa sai asibiti. In LO ne kuma mutum yana iya haɗiya, a fara ba shi suga kafin komai. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki.

Alhaji Bala: Ni fa duk waɗannan injinan ban yarda da su ba. Ina da na ɗaurawa a wuyan hannu kamar agogo. In na auna sau uku a jere, amsa uku daban zai ba ni, 150, 138, 161. Wanne ne gaskiya? Shi ya sa ni yanzu jikina nake saurara. Ranar da na ji ƙeyata ta yi nauyi in auna, in na ga ya hau in sha ƙwaya, in na ga 130 in bar ta. Shekara huɗu kenan, ga ni nan.

Nura Kemis: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, 130 ɗin da kake gani ai aikin ƙwayar jiya ne. Maganin hawan jini ba irin na ciwon kai ba ne da za a sha in ya taso. Kuma hawan jini yakan yi ɓarnarsa a ƙoda da ido ba tare da ƙeya ta yi nauyi ba. Na wuyan hannun nan kuma yana da saurin ruɗewa: in hannun ya sauka ƙasa da saitin zuciya lambar ta hau, in ya ɗaga sama ta sauka. Ni a shagona na dantse nake ba mutane shawara.

Maman Ummi, game da kPa, yawancin irin waɗannan na'urorin ana iya mayar da su mmHg. A kashe ta, a danne maɓallin SET na 'yan daƙiƙu, za ta fara nuna shekara, wata, rana, lokaci, kina danna SET tana wucewa har ta zo kan ma'aunin, sai ki canza da maɓallin M. Ba duka ne tsarinsu ɗaya ba, in taki ta ƙi ki kai wa mai kemis na kusa da ke ya duba. Ta suga ma haka za ki yi ki mayar da ita mg/dL ki huta da lissafi.

Sista Hadiza: Ta jinin na yarda, Nura. Ta suga kuwa ba duka ake canzawa ba, akwai kamfanonin da suke kulle ma'aunin tun daga masana'anta, daidai don gudun irin abin da ya faru yau. Ni ma da za a bi ta tawa, ta bar ta a mmol/L, tunda takardun gwaji da yawa a asibitocinmu da shi suke fitowa. Abin da ake buƙata ta san lambobinta a ma'auni ɗaya ta zauna a kansa.

Maman Ummi: Ta jinin ta canza, yanzu mmHg take nunawa. Ta sugan na danna duk abin da zan danna ba ta canza ba, na bar ta. Na sake aunawa yanzu bayan la'asar, 12.2, yana sauka. Sai wata tambayar. A takardar akwai wurin da aka rubuta "Gwajin azumi: 80 zuwa 130." Hajiya ba ta azumi yanzu, likita ya hana ta tun bara. Shi ya sa na tsallake wurin. Ko sai ta yi azumin kafin gwajin ya yi daidai?

Malam Kabiru: Wannan tambayar ta taɓo sana'ata, ni fassara nake yi. Kalmar Turancin da aka fassara da "azumi" a nan ba ibada take nufi ba. Tana nufin mutum ya kwana bai ci komai ba, a auna shi da safe kafin ya karya kumallo. A ƙamus kalmar ta yi daidai, a kunnen Bahaushe kuwa ta kauce, domin mu in an ce azumi, daga alfijir zuwa faɗuwar rana ne, babu ko ruwa. Da ni ne zan rubuta "awon safe kafin karin kumallo". Na taɓa ganin wata takardar da aka fassara ruwan gwada na'ura da "maganin sarrafawa". Ɗan kwalba ne mai ruwan suga da ake ɗigawa a tsinke don a ga ko na'urar tana aiki daidai, amma duk wanda ya karanta "magani" zai zaci na sha ne. Wanda zai fassara irin wannan takarda, ya kamata na'urar tana hannunsa yana dannawa, kuma haruffan da ke fitowa a fuskarta ya bar su yadda suke ya yi bayani a gefe. In ka fassara SYS ka rubuta "na sama" kaɗai, tsohuwa za ta duba fuskar na'ura ba ta ga "na sama" ba.

Sista Hadiza: Haka ne, Malam. Maman Ummi, awa takwas aƙalla ba abinci, ba shayi, ba koko, amma ruwa zalla babu laifi ta sha. Mafi sauƙi, bayan sallar asuba kafin ta sa komai a baki kuma kafin maganin suga. A na'urarki, 80 zuwa 130 ɗin nan shi ne kusan 4.4 zuwa 7.2. Na bayan abinci kuma awa biyu ake ƙirgawa daga lomar farko, ba daga lokacin da aka wanke hannu ba, ana so ya kasance ƙasa da 10.0. Waɗannan na gama-gari ne, ga mai shekarun Hajiya likita yakan sassauta, shi zai faɗa muku nata. Yanzu ki faɗa min, 11.4 ɗin na safe, yaushe ta ci abinci kafin shi?

Maman Ummi: Kamar awa ɗaya. Koko da ƙosai, kuma gaskiya da ɗan suga a kokon, ba ta iya sha haka. Sannan ta ci mangwaro rabi.

Sista Hadiza: To kin ga lambar ta sami mazauni. 11.4 awa ɗaya bayan koko mai suga da mangwaro daban ne da 11.4 da asuba ciki babu komai. Na biyun ya fi damuwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa lamba ita kaɗai ba ta isa ba, sai an rubuta lokaci da abin da aka ci. Mangwaron nan ma, ta wanke hannu kafin ki tsira yatsan?

Maman Ummi: A'a, da tsumma ta goge.

Sista Hadiza: Wannan yana iya ƙara lambar sosai. Ɗigon jinin ƙanƙane ne, ɗan zaƙin mangwaro ko dabino ko rake da ya rage a fata in ya gauraya da shi, na'urar ba ta san bambanci ba. Sabulu da ruwa, a bushe hannun sarai, a tsira gefen kan yatsa ba tsakiyarsa ba, ya fi rashin zafi. Kada a matse yatsan da ƙarfi kamar ana tatsa. Kuma allura ɗaya mutum ɗaya, ko 'yan gida ɗaya ne, saboda ciwon hanta.

Nura Kemis: In ƙara da na tsinken gwaji, don nan nake ganin asara. A jikin robar an rubuta zafin da za a ajiye shi, yawanci kada ya wuce digiri 30. Mu kuwa a watan Afrilu Kano tana haura 40. Mutum ya bar robar a mota ko a kan taga, ko ya bar murfin a buɗe, ko ya juye tsinkayen a leda don su shiga aljihu. Daga nan amsar ta zama ta Allah-ya-kiyaye. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, ba firji ba, a rufe murfi da zarar an zaro ɗaya, a duba ranar da ke gaban EXP. Kuma kafin kowa ya aiko da na'ura daga waje, ya tambaya ko ana samun tsinkenta a nan. Kowace na'ura da nata, ba a yi mata aro.

Alhaji Bala: To ni ba a ba ni amsa ba. Sau uku, amsa uku. Ko a asibiti ma nas ta auna ta ce 170, na dawo gida 140. Wa zan gaskata?

Sista Hadiza: Baba, ka yi haƙuri, ga amsarka, kuma ta shafi Maman Ummi ma. Jini ba tsayin mutum ba ne da zai tsaya wuri ɗaya, kowane bugu da nasa. Magana, fitsari da ya matsa, goro, shayi, sigari, tafiyar da ka yi daga tsakar gida zuwa ɗaki, duk suna motsa shi. Akwai kuma mutanen da ganin asibiti kaɗai yake hawar musu da jini. Don haka ba a yanke hukunci da awo ɗaya. Rabin awa kafin awo ba goro, ba shayi, ba taba. A yi fitsari. A zauna a kujera mai majingina minti biyar shiru, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur ko matashi yadda maɗaurin zai zo saitin zuciya. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, da safe kafin magani da kuma da yamma, kwana bakwai. A zubar da na ranar farko, a haɗa sauran a raba da adadinsu. In abin da ya fito ya kai 135/85 a gida, ya hau. Na asibiti 140/90 ne iyakarsa, na gida an ɗan rage saboda mutum ya fi natsuwa a ɗakinsa.

Maman Ummi, ya kika ɗaura mata ɗazu?

Maman Ummi: A kan tabarma take zaune ta miƙe ƙafa, hannun a cinyarta. A kan hannun rigarta na ɗaura, atamfa ce. Kuma da ƙyar ya zagayo, Hajiya tana da jiki, yana cikin hurawa ma sai da ya ɓalle sau ɗaya ya nuna E da wata lamba. Takardar cewa kawai ta yi "sa bel a hannu".

Sista Hadiza: To 160/96 ɗin nan ma ba zan rantse a kansa ba. Duba jikin maɗaurin, akwai lambobi da cm. Sannan ki ari tef ɗin tela ki auna kaurin dantsenta a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu.

Maman Ummi: An rubuta 22-32 cm. Dantsenta 36.

Sista Hadiza: Ya yi mata kaɗan. Ƙaramin maɗauri a babban dantse yana ƙara lambar, wani lokaci da goma ko fiye, har a ƙara wa mutum maganin da bai buƙata. Ki nemi mai 32-42 cm wanda bakin tiyonsa ya dace da na'urarki, ki tafi da ita shagon a gwada. A kan fata ake ɗaurawa, kuma ba a naɗe hannun riga ya shaƙe dantse, gara ta zare hannun. Gefensa na ƙasa ya tsaya kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon ya bi ta cikin hannun ya nufi tafi. Ya kama, amma yatsu biyu su iya shiga. E ɗin nan kuskure yake nufi, ma'anar lambar da ke biye da shi kuwa kowane kamfani da tasa, kada ki ɗauki ta wata takardar ki ɗora wa taki.

Hajiya Rabi Kumasi: Sista, wane hannu? Mu an ce mana hagu dole, don shi ne kusa da zuciya.

Sista Hadiza: Karon farko a auna duka biyun. Wanda ya fi ba da lamba mai yawa, shi za a riƙa amfani da shi kullum.

Nura Kemis: Littattafan da ke zuwa da na'urorin da nake sayarwa dai hagu suke zanawa, ni shi nake faɗa wa mutane, don in ka ce su gwada biyu sai su ruɗe.

Alhaji Bala: Zan gwada na kwana bakwan in gani. Amma maganar shan ƙwaya kullum har mutuwa, wannan sai na yi tunani. Kuma ina da tambaya ga malamai: tsira yatsa da rana a watan azumi, bai karya shi?

Malam Kabiru: Abin da na ji daga malaman da na tambaya, ɗigon jinin gwaji ba ya karya azumi. Amma ni ba mai fatawa ba ne, Alhaji ya tambayi limaminsu.

Sista Hadiza: Ta ɓangarenmu dai, mai ciwon suga da ke azumi in ya auna ya ga ƙasa da 70, wato 3.9, ko sama da 300, wato 16.7, shawarar likitoci ya karya azumin nan take. Baba, maganar ƙwayar kuma don Allah da likitanka za ka yi tunanin, ka tafi masa da awon kwana bakwan.

Maman Ummi: Salamu alaikum, na dawo bayan kwana tara. Na samu babban maɗauri, na sayi littafi mai layi na raba shi gida-gida: rana, lokaci, SYS, DIA, PUL, suga, abin da ta ci. Misali ranar Talata da safe 150/92, bayan minti biyu 144/88. Kusan kullum na biyun ya fi sauka. Na zubar da ranar farko, saura awo 24. Na sama duka sun haɗu 3504, na raba da 24, ya ba da 146. Na ƙasa 2136, ya ba da 89. Sugan asuba kuma tsakanin 7.9 ne da 9.0 duk satin. Jiya mun je asibiti da littafin da na'urorin biyu. Nas ta auna da tasu ta auna da tamu, bambancin jinin 4 ne kawai. Likita ya daɗe yana duba littafin, ya gyara mata maganin suga, na jinin ya ce mu rage gishiri da dunƙulen miya mu dawo bayan wata ɗaya da sabon awo. Ya ce sabon maganin yana iya sa suga ya faɗi in ta sha ba ta ci abinci ba.

Abu ɗaya ne bai warware min ba. Sugan da suka ɗiba a jijiya ya fito 8.0, tawa na'urar a lokacin 8.8 ta nuna. Ta lalace ne?

Sista Hadiza: Ba ta lalace ba. Ƙa'idar da ake gwada waɗannan na'urorin da ita ta yarda su kauce wa na ɗakin gwaji da kusan kashi 15 cikin ɗari a irin wannan matakin, taki da kashi 10 ta kauce. Tunda an ba ta maganin da ke iya faɗar da suga, yanzu ne 3.9 ɗin da kika manna zai yi aiki. In kin ga gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani ko ta fara magana ba kan gado, ki auna. In ƙasa da 3.9 ne, cokalin shayi uku zuwa huɗu na suga a ruwa, ko rabin kofin lemo, ki jira minti 15 ki sake aunawa, in ya dawo ta ci abinci.

Malam Kabiru: Maman Ummi, in ba damuwa ki turo min hoton shafuka biyun nan da na fuskar na'urorin a kunne. Ina so in sake rubuta takardar, Sista ta duba min lambobin, kowace lamba da ma'auninta a gefe. Yaron da ya ba ki, kin san ko mutum nawa ya raba wa?

Maman Ummi: Na tambaye shi, ya ce shi ma hoto aka yi masa a wani shago, kuma ya ba gida uku a layinmu. Gida biyu na shiga jiya, ɗaya tasu mg/dL ce, ɗayar irin tamu ce mai ɗigo, na rubuta musu 3.9 da 18 a bayanta. Na ukun sun yi tafiya Zariya, sai ranar Asabar. Hotunan suna zuwa bayan magariba in an kawo wuta, wayar ta kusa mutuwa.